Aikinmu ya makara: me zan rubuta wa masu ba da tallafi?

Assalamu alaikum. Ni jami'ar shirye-shirye ce a wata ƙaramar ƙungiya a kudancin jihar Katsina. Wata gidauniya ta ba mu naira miliyan 60 domin mu haƙa rijiyoyin burtsatse 12 daga Janairu zuwa Disamba. A tsarinmu ya kamata a ce mun gama 9 zuwa ƙarshen Satumba, amma 4 kawai ke ba da ruwa, 2 an haƙa ba a sa famfo ba, 1 ba a sami ruwa ba, 5 kuma ba a taɓa ba, ga shi mun kashe miliyan 36. Shugabanmu ya ce in rubuta cewa mun gama 6 kuma aiki na tafiya daidai, domin kada a riƙe kason kuɗin ƙarshe. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, kuma ina tsoron rufe mana ƙofa. Na haɗo da takardar lissafinmu. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malama.

Kada ki rubuta 6, ki rubuta 4, domin rijiyar da mace ba za ta iya zuwa da bokiti ta ɗebi ruwa a cikinta ba, ba a gama ta ba, komai zurfin ramin da aka haƙa. Na fahimci tsoron shugabanku, kuma ba na ɗaukarsa mutumin banza, domin duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiya mai ma'aikata masu jiran albashi ya san nauyin da ke kansa. Sai dai shawarar da ya bayar ita ce mafi haɗari ga ƙungiyar da yake son karewa. Rijiya ba taron bita ba ce da za a ce an yi an watse. Tana nan a inda aka haƙa ta, kuma ran da gidauniyar ta aiko da mai duba aiki, ko mai binciken kuɗi ya nemi sakamakon gwajin ruwa na rijiya ta biyar da ta shida, za a ga bambanci tsakanin abin da kika sa wa hannu da abin da ke ƙasa. Jinkiri abu ne da masu ba da tallafi suka saba gani, kuma yawancinsu suna da hanyar da suka tanada domin magance shi. Ba da rahoton ƙarya kuwa saɓa yarjejeniya ne, wanda zai iya jawo a dakatar da tallafin, a nemi ku mayar da kuɗi, kuma sunan da ke ƙasan takardar naki ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a aikin da ake iya ƙirgawa da yatsa.

Kafin ki rubuta ko da layi ɗaya, ki ɗauko takardar yarjejeniyar tallafin ki karanta ta daga farko har ƙarshe, kina neman abin da ta ce game da sanar da jinkiri, da neman ƙarin wa'adi, da matsar da kuɗi daga wannan sashe na kasafi zuwa wancan. Ƙa'idojin sun bambanta daga mai tallafi zuwa wani. A tallafin Tarayyar Turai na ayyukan ƙasashen waje, alal misali, ana son a gabatar da buƙatar gyara yarjejeniya aƙalla kwana 30 kafin ranar da ake son gyaran ya fara aiki, kuma canjin da ya wuce kashi 25 cikin 100 na wani babban sashe na kasafi sai an sami amincewa. Gidauniyarku tana da nata sharuɗɗan, kuma su ne za su gaya miki ranar da ƙofar neman ƙarin lokaci za ta rufe. Abin da kusan kowa ya yi tarayya a kansa shi ne, kuɗin da aka kashe bayan ranar ƙarewar yarjejeniya ba tare da izini a rubuce ba, ba a karɓarsa a lissafi. Ma'ana, idan kuka yi shiru har Disamba ta wuce, sannan kuka ci gaba da haƙa a Janairu da niyyar cika alkawari, kuna iya wayar gari an ce kuɗin wannan haƙar daga aljihunku ne.

Bayan haka, ki kira jami'in da ke kula da tallafinku a waya, da sanin shugabanku, kafin rahoton ya isa teburinsa. Shi ma yana da na gaba da shi da zai yi wa bayani, kuma ba zai so ya fara jin labarin matsalar a shafi na bakwai na wata takarda ba. Ki faɗa masa a taƙaice inda aikin ya tsaya, ki ce cikakken bayani da sabon tsari suna tafe a cikin rahoton, ki kuma tambaye shi ko buƙatar ƙarin wa'adi tana da fom nata daban. Duk abin da ya faɗa a wayar, ki bi shi da saƙon imel a ranar, domin amincewar baki ba ta da amfani a gaban mai binciken kuɗi.

Shi rahoton kansa, ki ɗauke shi a matsayin takardar da za ta ba gidauniyar damar yanke shawara, saboda haka labarin jinkirin ya zo a sakin layi na farko. Mutane da yawa sukan cika shafukan farko da tarurrukan wayar da kai da hotunan ziyarar masu gari, su tura matsalar can ƙarshe a ƙarƙashin kan magana na ƙalubale, kuma mai karatu da ya ƙware yana gane wannan dabarar nan take. Ko da wane harshe za ki rubuta, ga ma'anar da nake so buɗewar ta ɗauka: "Zuwa ranar 30 ga Satumba, rijiyoyi 4 ne suka kammala suna ba da ruwa, daga cikin 9 da aka tsara za a gama a wannan lokaci. An haƙa 2 da ke jiran famfo da dandamali, an haƙa 1 ba a sami ruwa ba, kuma ba a fara 5 ba. Ba za mu iya kammala aikin zuwa 31 ga Disamba ba, kuma kuɗin da ya rage ba zai kai ga rijiyoyi 12 ba. Muna neman ƙarin wata uku da amincewa da sabon tsarin da ke shafi na gaba." Wanda ya karanta wannan kaɗai ya riga ya san halin da ake ciki da abin da ake nema a wurinsa. A bayansa sai ki jera ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya a jadawali, kowane da matakin da ya kai da hujjarsa: takardar bayanin haƙa da ke nuna zurfi da irin ƙasar da aka ratsa, sakamakon gwajin yawan ruwa, sakamakon gwajin tsabtarsa, da hoto mai kwanan wata. Ki kuma rubuta a fili abin da kuke nufi da "an kammala", wato an sa famfo, an zuba dandamali, an gwada ruwan, an miƙa wa kwamitin gari, domin kada a sami saɓanin fahimta daga baya. Rijiyoyin nan biyu da shugabanku ke son a ƙirga ba za su ɓata ba, za su fito a matsayin aikin da ya yi nisa, kuma wannan ma abin yabo ne idan aka faɗe shi da sunansa.

Wurin da ya fi wuyar rubutawa shi ne bayanin dalilai, kuma a nan ne ake gane ƙungiyar da za a iya ci gaba da amincewa da ita. Takardar lissafinku ta nuna cewa ba a biya ɗan kwangila kuɗin fara aiki ba sai a watan Maris, wato an rasa Janairu da Fabrairu, watannin da hanya ta bushe kuma motar haƙa ke shiga ko'ina. Wannan daga wajenku ne, kuma ki rubuta shi haka: zaɓen ɗan kwangila ya ɗauki wata biyu, alhali tsarin aikin bai ware masa lokaci ba. Damina ma ina ba ki shawara kada ki gabatar da ita kamar wani abin da ya faɗo muku ba zato, domin kowa ya san ana ruwa daga Yuni zuwa Satumba, kuma a Agusta hanyoyin ƙauye ba sa ɗaukar babbar mota. Idan kika rubuta cewa ruwan sama ne ya hana ku aiki, tambayar da za ta zo wa mai karatu ita ce, me ya sa kuka tsara haƙa rijiya ɗaya kowane wata kamar damina ba za ta zo ba? Gara ki riga shi faɗa, ki ce tsarin farko ya raba aikin daidai a kan watanni 12, wannan kuskure ne na tsarawa, kuma sabon tsarin ya gyara shi.

Rijiyar da ba ta ba da ruwa ba kuwa lamarinta daban ne. Kudancin Katsina, kamar yawancin ƙasar Kano da Kaduna, yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, inda ruwa ba ya shimfiɗe ko'ina a ƙarƙashin ƙasa, sai a inda dutsen ya rududduge ko ya tsage, shi ya sa ake iya samun ruwa a nan a rasa shi a tazara kaɗan. Saboda haka ne ake yin awon ƙasa da na'ura kafin a haƙa, kuma ko an yi awon ba a da tabbas ɗari bisa ɗari. Idan an yi awon, ki haɗa rahotonsa, ki nuna cewa an bi hanyar da ta dace amma ba a dace ba. Idan ba a yi ba, ko kuma an bar wa ɗan kwangila ya zaɓi wurin da kansa, ki faɗi hakan, ki kuma ce daga yanzu ba za a kafa injin a ko'ina ba sai da rahoton awo a hannu. Ki duba kwangilarku ma ki ga wa ta ɗora wa asarar busasshen rami, domin gidauniyar za ta tambaya. Game da tashin farashi, kada ki tsaya a kan cewa kaya sun yi tsada, domin wannan magana ce da kowa ke yi. Ki kawo farashin da aka gina kasafin a kansa, da sabon farashi a rubuce daga 'yan kwangila uku, ki nuna abin da ya tashi, ko man dizal ne, ko bututu, ko siminti, ko famfon kansa.

Yanzu ga batun kuɗi, wanda shi ne zai fi ɗaukar hankalin akawun gidauniyar. Kun kashe kashi 60 cikin 100 na tallafin, alhali rijiyoyin da suka kammala kashi ɗaya bisa uku ne na alkawari, kuma idan ba ki bayyana wannan giɓin da kanki ba, mai karatu zai cike shi da zato. Lissafin da kika aiko yana da amsar. Rijiyoyi huɗun da aka gama sun ci miliyan 16, biyun da ke jiran famfo sun ci miliyan 5, busasshiyar ta ci miliyan 2, akwai miliyan 4 a hannun ɗan kwangila a matsayin kuɗin gaba da bai yi aikinsu ba tukuna, sannan albashi da zirga-zirga da horarwa sun ci miliyan 9. Jimla miliyan 36 ke nan, kuma idan aka shimfiɗa shi haka, ana ganin ba kuɗi ne ya ɓace ba. Miliyan huɗun nan na ɗan kwangila ne nake so ki kula da su sosai. Kada ki sa su a cikin kuɗin aikin da aka yi, ki nuna su daban a matsayin bashin aiki da ke kansa, kuma kafin ki aika rahoton ki samo takarda daga hannunsa da ya amince da adadin, ya kuma faɗi ranar da zai dawo da injinsa. Idan babu wani lamuni na banki a kan kuɗin, wannan haɗari ne da ya kamata ya fito a rahoton.

Daga nan sabon tsarin zai fito da kansa, muddin kika bar lissafi ya jagorance ki. A cikin miliyan 48 da aka ware wa rijiyoyi, saura miliyan 21. Ƙarasa biyun da aka haƙa zai ci kamar miliyan 4 a farashin yanzu, saura 17, idan aka haɗa da miliyan 4 na hannun ɗan kwangila ya zama 21. Tunda takardarku ta nuna rijiya ɗaya ta tashi daga miliyan 4 zuwa miliyan 5, wannan kuɗin zai haƙa sababbi 4, ya bar miliyan 1. Ke nan abin da za ku iya cikawa da kuɗin da ke akwai shi ne rijiyoyi 10, kuma kaiwa ga 12 yana buƙatar ƙarin miliyan 9 na haƙa kawai, ban da kuɗin gudanarwa. Na san faɗin wannan ya fi faɗin jinkirin ciwo, amma idan kika nemi ƙarin lokaci kawai, kika yi shiru a kan kuɗin, za ki dawo bayan wata uku da wani mummunan labarin, kuma a karo na biyu ba za a saurare ki da irin kunnen farko ba. Ki gabatar da hanyoyin biyu, rijiyoyi 10 ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko 12 da ƙarin kuɗi, ki faɗi wadda kuke ba da shawara. A ganina ki tsaya a kan ta farko, domin yawancin masu tallafi sun fi sauƙin ba da lokaci a kan ba da sabon kuɗi, ki bar ta biyun a matsayin zaɓi idan suna da hali. Ki kuma faɗa a fili cewa lissafin 10 ɗin ya dogara ne a kan kada a sake samun busasshen rami, idan kuwa aka samu, adadin zai iya komawa 9.

Ranakun sabon tsarin ki gina su a kan saurin da kuka nuna a zahiri. Daga Maris zuwa ƙarshen Yuni an haƙa ramuka 7, wato ƙasa da biyu a wata, kuma mafi yawan wannan a lokacin rani ne. Saboda haka babu dalilin da zai sa ki yi alkawarin sababbi huɗu a wata ɗaya don kawai ɗan kwangila ya rantse zai yi. Tsarin da zan iya yarda da shi idan ni ne mai karantawa shi ne: a Oktoba a ƙarasa biyun da ke jiran famfo, tunda wannan ba ya buƙatar babbar mota, a kuma yi awon ƙasa a sababbin wuraren, daga Nuwamba zuwa Janairu a haƙa huɗun, a Fabrairu a sa famfo, a gwada ruwa, a horar da kwamitocin da za su kula da gyara, Maris kuma a bar shi domin abin da ba a zata ba da rubuta rahoton ƙarshe. Kowane mataki ya kasance da ranarsa da sunan muƙamin wanda ke da alhakinsa, kuma ki yi tayin aika gajeren bayani kowane ƙarshen wata har a gama, ko da yarjejeniyar ba ta nemi hakan ba.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa idan ana neman ƙarin wa'adi ba tare da ƙarin kuɗi ba, wato cewa watannin da aka ƙara suna da nasu kashe-kashen. Gudanarwarku tana cin miliyan 1 a wata, kuma miliyan 3 da suka rage a wannan sashe za su ƙare a Disamba. Janairu zuwa Maris suna buƙatar wasu miliyan 3, alhali abin da ya saura daga kuɗin rijiyoyi miliyan 1 ne kawai, shi ma sai an ba ku izinin matsar da shi. Dole ne ku zauna da shugabanku da akawu ku yanke inda sauran za su fito, ko a rage yawan ma'aikatan da ke kan aikin a waɗannan watanni, ko ƙungiyar ta ɗauki nauyin daga asusunta, kuma amsar ta shiga rahoton. Ɗaukar wani ɓangare na wannan nauyin ya dace da ku, tunda wata biyu na jinkirin daga gare ku ne, kuma gidauniyar za ta lura da hakan.

Idan aka amince da rijiyoyi 10, ƙauyuka biyu da aka yi wa alkawari ba za su samu ba a wannan karo, kuma wannan ba lamarin takarda ba ne kawai. Ki rubuta a rahoton ma'aunin da za ku bi wajen zaɓe, kamar nisan da mata da yara ke tafiya neman ruwa, da yawan jama'a, da abin da awon ƙasa ya nuna, domin kada a ce an bi son rai ko an fifita garin wani babba. Ƙauyen da aka haƙa ba a sami ruwa ba ya cancanci a fara duba shi, domin mutanensa sun ga injin ya zo ya tafi. Da zarar gidauniyar ta ba da amsa, ku je da kanku wurin dagatai da masu unguwannin da abin ya shafa ku yi musu bayani, kada su ji labari a kasuwa.

Shugabanku kuwa, kada ki tunkare shi da zancen cewa ya nemi ki yi ƙarya. Ki shirya daftarin rahoton da lissafin nan tukuna, ki kai masa cikin girmamawa, ki nuna masa cewa kason ƙarshe da yake tsoron a riƙe ba zai isa rijiyoyi 12 ba ko da an sake shi gobe, saboda haka ko an rubuta 6 yau, a Disamba sai an yi bayanin da ya fi wannan wuya, kuma a lokacin damar neman ƙarin wa'adi ta wuce. Mai yiwuwa ne gidauniyar ta jinkirta sakin kuɗin har ta duba sabon tsarin, ko ta aiko a ga wuraren, kuma ya kamata ku shirya wa hakan ta hanyar tattara rasit da takardun kwangila wuri ɗaya tun yanzu. Idan bayan duk wannan ya nace a kan a rubuta 6, ki gaya masa a rubuce cewa ba za ki iya sa hannu a kan adadin da takardun aikin ba su tabbatar ba, ki ajiye kwafin saƙon, ki kuma nemi a kai maganar gaban kwamitin amintattun ƙungiyar kafin ranar miƙa rahoton.